Jimina da fengwin: yadda suka bar tashi sama, da abin da jikinsu ya samu a madadinsa

Idan aka tambayi mutum dalilin da ya hana jimina tashi, amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce nauyi ya yi mata yawa. Idan aka kawo maganar fengwin, tsuntsun nan mai baƙin baya da farin ciki da ke zaune a gaɓar tekunan kudancin duniya, sai a maimaita amsar. Amsar ba ƙarya ba ce, amma ta haɗe abubuwa biyu da suka sha bamban. Akwai fengwin da nauyinsa bai wuce kilo 1 ba, ko zabo ya fi shi nauyi, kuma duk da haka ba ya tashi. Masana halittar tsuntsaye suna ganin waɗannan biyun hanyoyi biyu masu hannun riga suka bi. Jimina ta saki kayan tashi ta koma ga ƙafa. Fengwin kuwa ya riƙe kayan tashin nan gam, wurin aikin kawai ya sauya, daga iska zuwa ruwa.

## Ƙashin ƙirji ne ke tona asirin

Duk wanda ya taɓa gyara kaza ya san ƙashin ƙirjinta. Faffaɗa ne, a tsakiyarsa kuma akwai wani siririn ƙashi da ya miƙe tsaye kamar kaifin wuƙa, tsokar ƙirji tana kwance a gefensa na dama da na hagu. Wannan doron ƙashi shi ne turken da tsokar tashi ke ɗaure a jiki. Idan aka ɓare babbar tsokar da ke sama, za a tarar da wata ƙarama, doguwa mai laushi, a ƙarƙashinta. Babbar ita ke jan fiffike ƙasa. Ƙaramar tana da jijiya da ke zagayawa ta wani rami a kafaɗa, kamar igiyar guga a kan ƙarfen rijiya, ta ɗaga fiffiken sama. A yawancin tsuntsaye masu tashi, waɗannan tsokoki kan kai kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari na nauyin jiki duka.

Ƙashin ƙirjin jimina ba shi da wannan doro ko kaɗan. Shafaffe ne, mai kauri, kamar garkuwa, kuma tsokar da ke kansa ba ta taka kara ta karya ba. Na fengwin kuwa doronsa dogo ne mai ƙarfi, ƙirjinsa cike da tsoka. Ƙaramar tsokar nan mai ɗaga fiffike ma ta fi girma a jikinsa idan aka gwada da ta tsuntsayen sama. Da a ajiye ƙasusuwan biyu a kan tebur ba tare da an faɗi masu su ba, mai nazari zai ce ɗaya na tsuntsun da ya daina kaɗa fiffike ne, ɗayan kuma na wanda ke kaɗa shi da ƙarfi fiye da kima.

## Lissafin da ke hana babban tsuntsu tashi

Tashi yana da tsada, kuma tsadarsa tana ƙaruwa da sauri fiye da girman jiki. A ɗauki zabo mai kilo ɗaya da rabi, a ce an ninka tsawonsa da faɗinsa da kaurinsa sau 4 ba tare da sauya siffarsa ba. Faɗin fukafukansa zai ninku sau 16, wato 4 sau 4. Nauyinsa kuwa zai ninku sau 64, wato 4 sau 4 sau 4, ya kai kilo 96, daidai da matsakaiciyar macen jimina. Ke nan kowane taƙi na fiffiken yanzu yana ɗauke da kaya ninki 4 na wanda yake ɗauka a da. Kafin iska ta ɗaga irin wannan fiffike, sai tsuntsun ya yi gudu ninki 2 na wanda zabo ke bukata, ƙarfin tsokarsa kuma ba ya ƙaruwa daidai da wannan bukata.

Shi ya sa tsuntsaye mafi nauyi da ke tashi a yau, irin manyan dangin tuje na Afirka da Turai, ba su cika wuce kilo 18 ko 19 ba, su ma sai sun sheƙa da gudu kafin su ɗaga, kuma sun fi son tafiya a ƙasa. Namijin jimina yakan kai kilo 100 zuwa 130, tsayinsa ya haura mita biyu da rabi.

Sai dai a lura da jerin abin. Masana ba su cewa jimina ta yi ƙiba ne sannan ta kasa tashi. Abin da suka fi karkata a kai shi ne kakanninta sun rage tashi tun suna ƙanana, saboda abincinsu da sheƙarsu duk a ƙasa suke. Tsokar da ba a mora kuwa ci take yi ba ta biya, don haka waɗanda suka zo da ƙaramar tsokar ƙirji suka fi samun rarar abinci su sa a ƙafa da ƙwai. Bayan an bar tashi ne iyakar nauyi ta kau, jiki ya samu damar girma. Kiwi, wani tsuntsun New Zealand da ba ya tashi, shaida ne: girmansa kamar na kaza, amma ƙashin ƙirjinsa shafaffe ne irin na jimina.

## Abin da jimina ta samu

Ribar farko ƙafa ce. Jimina takan yi gudun da ya kai kilomita 70 a awa, ta kuma iya riƙe kusan kilomita 50 a awa na tsawon lokaci, takunta ɗaya kan ci mita 3 zuwa 5. Sirrin yana cikin yadda aka raba nauyi. Tsokar ƙafar duk ta taru a sama, wajen kwankwaso da cinya, kusa da jiki. Daga nan zuwa ƙasa kusan ƙashi ne da dogayen jijiyoyi kawai. Ƙafar da ƙarshenta ba nauyi ta fi saurin jefawa gaba, kamar yadda mai gudu da silifa ya fi mai gudu da takalmin soja sauƙin ɗaga ƙafa.

Gaɓar nan da ake gani tana lanƙwasa ta baya, wadda mutane ke ɗauka gwiwa ce, idon sawu ne. Gwiwar gaskiya tana can sama a ɓoye cikin gashi. A kan yatsu jimina take tafiya, kuma yatsun biyu ne rak, babu wani tsuntsu mai irin haka. Babban yatsan, mai farce kamar kofato, shi ke ɗaukar nauyi, ƙaramin na waje kuma yana taimaka mata kada ta karkace. Idan ta taka ƙasa, jijiyoyin nan irin na agara sukan miƙe kamar robar danƙo, su adana ƙarfin takun, su sake shi lokacin da ƙafar za ta bar ƙasa. Gwaje-gwajen da aka yi na kwatanta gudunta da na ɗan Adam sun nuna tana cin moriyar wannan tsalle na jijiya kusan ninki biyu, abin da ya sa take kashe ƙarfi kaɗan a kan doguwar tafiya.

Riba ta biyu ciki ne. Tsuntsu mai tashi ba ya iya yawo da tulin ciyawa a cikinsa tana jiran narkewa, shi ya sa yawancinsu suka dogara da hatsi da ƙwari da 'ya'yan itace. Jimina ba ta da wannan damuwa. Hanjinta ya haura mita 10, kuma a ɓangarensa na ƙarshe ƙananan halittun da ido ba ya gani suna ruɓar da ganye mai tauri har ta samu amfaninsa, kusan yadda ake gani a doki. A ƙundunta kuma takan ajiye tsakuwa da ta kai kilo guda don niƙa. Bahaushe da ya ce hanjin jimina akwai na ci akwai na zubarwa, lallai ya ga tsawon abin da idonsa. Wannan ciki ne ya ba ta damar zama a busasshen daji inda abinci ba shi da daɗi, tana samun yawancin ruwanta daga tsirran da take ci.

Gashinta ma ya sauya. A fizgi gashin fiffiken kaza a tsaga shi da yatsa, sannan a shafa shi daga ƙasa zuwa sama, zai sake haɗewa kamar an ja zif. Ƙananan ƙugiyoyi ne da ido ba ya gani suke sarƙe zarurrukan, su mai da gashin faranti guda da iska ba ta ratsawa. Gashin jimina ba shi da waɗannan ƙugiyoyi, kowane zare yana lilo da kansa. Bai da amfani wajen tura iska, amma yana kare fata daga zafin rana, kuma idan zafi ya yi yawa sai ta ɗaga fukafukai ta buɗe cinyoyinta marasa gashi iska ta buge su. Fukafukan ba su zama banza ba. Da su take daidaita jiki idan ta yi kwana cikin gudu, da su namiji ke rawar neman mace, da su kuma ake yi wa 'ya'ya inuwa.

## Fengwin: tashi ne, amma a cikin ruwa

Ruwa ya fi iska kauri wajen sau 800. Fiffike mai faɗi da sauƙin lanƙwasa, wanda ya dace da iska, idan aka kaɗa shi a ruwa zai lanƙwashe ne kawai ya ja tsuntsun baya. Ruwa yana son fiffike gajere, siriri, mai tauri. Haka na fengwin yake: ƙasusuwansa sun baje sun yi faɗi, gwiwar hannu da wuyan hannu sun sandare ba sa naɗewa, sai kafaɗa kaɗai ke motsi. Dogayen gashin tashi babu su, sai ƙanana masu kama da ɓawon kifi. Ya zama filafili irin na kwale-kwale.

A sama, bugun ƙasa ne ke yin yawancin aikin, ɗaga fiffike kuwa komawa ce kawai don a sake bugawa. A ruwa, fengwin yana samun turi a bugun ƙasa da na sama duka, dalilin girman ƙaramar tsokar nan ke nan.

Sai ƙashi. Ƙasusuwan tsuntsun sama da yawansu ramuka ne masu iska. Wannan abin so ne a sama, amma a ruwa yana mai da tsuntsu kamar gorar masunta, ana danna ta tana tasowa. Ƙashin fengwin cike yake, mai nauyi, don haka ba ya ɓata ƙarfi wajen kokawa da tasowa. Da nauyi ya daina zama laifi, sai ya tara kitse a ƙarƙashin fata, ya kuma ƙara girma. Girma a nan riba ce biyu: babban jiki ya fi riƙe ɗumi a ruwan sanyi, ya kuma fi ɗaukar iskar oksijin a jini da tsoka. Tsokar fengwin ja ce wur har ta yi duhu, saboda yawan sinadarin da ke adana oksijin a cikinta. Nau'in da ya fi kowanne girma, wanda ake kira emfero, mazaunin Antatika mai kilo 22 zuwa 45, an auna ya nutse zurfin mita 564, an kuma ga wanda ya yi fiye da minti 30 bai fito ba, ko da yake yawancin nutsonsa na 'yan mintuna ne.

Me ya hana shi haɗa biyun, ya yi nutso ya kuma tashi? Akwai tsuntsun da ke haɗawa, shi ne gilimot na tekunan arewa, mai nauyin kusan kilo 1. Yana nutso da fukafukansa, yana kuma tashi. A binciken da Kyle Elliott da abokan aikinsa suka wallafa a 2013, sun auna ƙarfin da yake kashewa, suka tarar idan yana sama yana ƙona abin da ya kai ninki 31 na wanda yake ƙonawa yana hutawa, mafi tsada da aka taɓa aunawa a tsuntsu mai tashi. A ruwa kuma, duk da haka, bai kai fengwin mai girmansa araha ba. Fiffiken ya yi wa iska ƙanƙanta, ya yi wa ruwa girma. Duk gyaran da zai ƙara masa ƙwarewar nutso zai ƙara tsadar tashi, har a kai inda tashin ba ya biyan kansa. Gilimot yana bakin wannan iyaka, kakannin fengwin kuwa sun tsallake ta tuntuni. 'Yan uwansu mafi kusa a yau su ne dangin albatros, gwanayen shawagi a kan teku. Burbushin fengwin mafi tsufa, irin Waimanu da aka tono a New Zealand, ya haura shekara miliyan 60, kuma tun lokacin ba ya tashi. Wani mai suna Kumimanu fordycei, da aka bayyana a 2023, an ƙiyasta nauyinsa da kusan kilo 150.

Inda fengwin ya yi asara shi ne a tudu. Ƙafafunsa gajeru ne, suna can baya inda suke aikin sitiyari a ruwa, don haka a ƙasa sai tafiyar rangaji, wadda ke cin ƙarfi kusan ninki biyu na wata dabba mai nauyinsa.

## Inda masana suka yi saɓani

Kan fengwin babu gardama sosai. Gardamar tana kan jimina da danginta: riya ta Kudancin Amurka, emu da kasowari na Ostireliya da Niyu Gini, kiwi, da waɗanda suka ƙare, wato mowa na New Zealand da tsuntsun giwa na Madagaska.

Tsohon ra'ayi, wanda Joel Cracraft ya ƙarfafa a 1974, ya ce duk sun fito ne daga kaka guda da ya riga ya daina tashi, mazaunin tsohuwar babbar nahiyar kudu da ake kira Gondwana. Da nahiyar ta tsattsage, kowane yanki ya tafi da rabonsa. Hujjarsa mai kyau ce: tsuntsaye ne da ba sa ƙetare teku, ga su warwatse a yankunan da a da suke haɗe, ga kuma kamannin jiki.

Binciken ƙwayoyin gado ya kawo cikas. Daga 2008 aka fara ganin cewa tinamu, wani tsuntsun Kudancin Amurka mai kama da makwarwa, wanda ke tashi kuma yana da doron ƙirji, yana tsakiyar wannan dangi. A 2010 aka gano mowa ya fi kusa da tinamu a kan kiwi maƙwabcinsa. A 2014 kuma aka gano ɗan uwan kiwi mafi kusa shi ne tsuntsun giwa na Madagaska, alhali tsakanin tsibiran biyu akwai teku mai nisan gaske. Wannan tsari bai bi yadda nahiyoyi suka rabu ba. Fassarar da ta fi samun karɓuwa yanzu ita ce kakannin sun isa wurarensu da fiffike, sannan kowane reshe ya bar tashi da kansa, mai yiwuwa bayan ƙarewar manyan dabbobin dainoso shekara miliyan 66 da suka wuce, lokacin da ƙasa ta zama fili babu masu farauta da yawa. Akwai wata fassarar, cewa an bar tashi sau ɗaya ne sai tinamu ya dawo da shi, amma 'yan kaɗan ne ke riƙe da ita, domin sake gina doron ƙirji da tsoka da gashin tashi bayan sun lalace ya fi rasa su wuya nesa ba kusa ba. Abin da ya rage a buɗe shi ne sau nawa aka yi rashin, da kuma inda reshen jimina ya faro, tunda an samu tsofaffin burbushin danginta a Turai da Asiya.

## Yadda abin ke shafar mutane

Mai kiwon jimina yana cin karo da wannan tarihi kullum. Namanta daga cinya da kwankwaso yake fitowa, ja ne kamar na sa, babu tsokar ƙirji irin ta kaza. Asarar ma ta ƙafa take zuwa. 'Yan jimina suna girma da sauri, kuma idan aka cika musu abinci mai gina jiki, aka tsare su a ƙaramin ɗaki mai santsin daɓe, nauyi yakan riga ƙashi ƙwari. Alamar ita ce ƙafa ɗaya ta fara juyawa waje, yatsan yana kallon gefe, ɗan tsuntsun yana ɗingishi har ya kasa tashi tsaye. Idan ƙashin ya riga ya murɗe da wuya ya gyaru, don haka maganin yana gaba: fili na gudu, ƙasa mai kama ƙafa, da abinci mai daidaiton sinadaran ƙashi. Ɗabi'ar haɗiye tsakuwa kuma takan sa su haɗiye ƙusa, waya ko leda, ciki ya toshe, tsuntsu ya daina ci ya rame. Gashinsu ba ya hana ruwa shiga, saboda haka ƙananan na bukatar rumfa lokacin damina. Shurin babba kuwa gaba yake zuwa, ba baya irin na jaki ba, shi ya sa masu kama ta suke zuwa ta gefe ko ta baya, su rufe mata kai da ƙyalle ta lafa.

Laushin gashin nan shi ya ja mata farauta. A ƙarni na 19 gashin jimina yana cikin manyan kayan da ayari ke ɗauka daga Kano zuwa Tarabulus, kuma har yau ana ganin sa a figini da takalman sarauta. A Afirka ta Kudu garin Oudtshoorn ya yi arziki da shi kafin kasuwar ta rushe a 1914. Gudun da ke tserar da jimina daga zaki bai tserar da ita daga mota da bindiga ba. Ta ƙasar Larabawa ta ƙare a tsakiyar ƙarni na 20, mai jan wuya ta Sahel kuma ta ɓace daga yawancin dazukanta, har ta kai ana kiwonta a Kelle da ke jihar Damagaram a Nijar da nufin mayar da ita daji.

Fengwin kuwa duk rayuwarsa ta rataya a kan gashin da ke tsare iska ya hana ruwan sanyi taɓa fata. Shi ya sa ba ya zubar da gashi ɗaya bayan ɗaya. Sau ɗaya a shekara yake fitowa tudu ya zubar da shi gaba ɗaya, ya yi mako biyu zuwa biyar ba ci, yana rayuwa da kitsen da ya tara. Man fetur idan ya taɓa gashin sai ya manne shi, ruwa ya shiga, sanyi ya kashe tsuntsun. Da jirgin ruwan Treasure ya nutse kusa da Cape Town a watan Yuni na 2000, kimanin fengwin 19,000 ne mai ya ɓata, aka riƙa wanke su ɗaya bayan ɗaya da hannu.

Matsalar da ta fi wannan daɗewa ita ce nisa. Fengwin na Afirka, mazaunin gaɓar Afirka ta Kudu da Namibiya, idan yana da 'ya'ya a sheƙa ba ya iya wuce 'yan gomman kilomita ya dawo a kan lokaci. Tsuntsu mai tashi idan kifi ya ƙaura sai ya bi shi, shi kuwa ba hali. Kifin sadin da ancobi da yake ci su ne jiragen kamun kifi ke nema. Masu kare tsuntsaye sun ce jiragen suna kwashe abincin daga bakin sheƙa, masu sana'ar kuma sun ce ɗumamar ruwa da ƙaurar kifi su ne babban dalili, rufe wuraren zai taɓa ayyukan mutane. A 2024 aka sanya wannan nau'i cikin jerin waɗanda ke dab da ƙarewa, a watan Maris na 2025 kuma kotu a Pretoria ta tabbatar da yarjejeniyar hana kamun waɗannan kifaye na tsawon shekara 10 a kewayen manyan wuraren hayayyafarsa guda shida.